Wasiƙar da Na Bari Aka Karanta a Tsakar Gida

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu baki ɗaya. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Lokacin da abin nan ya faru ina budurwa, ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gidanmu a wajen Paki ta ƙasar Ikara. Yarinya ce ni mai baki. Idan ana hira ni ce mai sa mutane dariya, kuma ina jin daɗin a ce wance ba a kayar da ita a magana. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duk wannan kaifin bakin tsoro ne ya haife shi. Ba abin da na tsana a duniya kamar a yi mini dariya, saboda haka kullum nakan riga kowa nemo wanda za a yi wa.

A shekarar ne aka ɗauke ni aikin rigakafin shan inna, irin wanda ake bi gida-gida. Mu uku ne a tawagarmu. Akwai wata mata da ta girme ni sosai, ina ce mata Yaya, ita ke riƙe akwatin sanyi tana ɗiga wa yara magani a baki. Ni kuma ina shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, ina rubuta adadinsu. Na ukunmu wani saurayi ne ɗan wajen Gazara, yana zaune wurin dangin mahaifiyarsa a garinmu. Shi ba ya shiga gidajen matan aure. Aikinsa ya yi sallama da maigida a ƙofar gida ya nema mana izini, idan mun fito kuma ya yi alama da alli a jikin bango ko ƙyaure. Shan inna ya taɓa shi tun yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu ta shanye, yana tafiya yana dafa gwiwa da hannu. Saboda haka ma aka sa shi a aikin, domin maigidan da ya ƙi jin maganar kowa yakan yi shiru idan ya dube shi.

Yawon aiki ya sa muka saba. Damina ce, hanyoyin duk caɓi, Yaya takan yi gaba da akwatinta don kada ƙanƙarar ta narke, ni kuma in rage sauri mu jera da shi. Ba na cewa don shi na rage, sai in ce takalmina ne ke damuna, shi ma ya yi kamar ya yarda. Mukan yi hirar karatu, da noman barkono, da yadda rake ke tsada a kasuwar Makarfi. Yana da wata irin dariya a hankali, ba ya taɓa yi wa mutum dariya, sai dai ya yi tare da shi. Wata rana ya zame a bakin wani rafi ya faɗi zaune cikin laka. Ni da kowa ya san ni da tsokana, ban san abin da ya hana ni yin dariya ba, na dai ɗauko masa allinsa da hularsa na miƙa masa, muka ci gaba da tafiya. Tun daga ranar na san zuciyata ta karkata gare shi, amma ko da wasa ban bari kowa ya gane ba.

Na taɓa ara masa wani littafi na tambayoyin jarrabawa. Ranar da aka fara wani zagayen rigakafin ya dawo mini da shi da safe, ya ce in duba tsakiya idan na koma gida, akwai wani gyara da ya yi mini. Da yamma na shige ɗaki na buɗe, sai ga takarda, irin fallen nan biyu da ake cirowa daga tsakiyar littafin rubutu, an ninke ta ƙanana. Bai rubuta sunana a sama ba, bai sa nasa a ƙasa ba. Ya faɗi dalili a ciki, wai don ko ta faɗi a hanya kada ta jawo mini magana. Ya kuma ce ya so ya turo saƙo ta waya, amma ya san wayata tana yini a wurin mai caji, idan ta dawo gida kuma ƙannena ne ke wasa da ita.

Har yau ina iya tuna yadda wasiƙar ta tafi. Ya fara da sallama, ya gaishe ni, ya gaida Baba da Inna, ya tambayi jikin kakata da na ce masa tana fama da ƙafa. Kusan rabin shafi duk gaisuwa ce, kamar mutumin da ya zo ƙofar gida yana ta kewaye ya kasa yin sallama. Sannan ya yi mini godiya a kan ranar rafin nan, ya ce ba kowa ne zai ga ya faɗi ya ƙi yin dariya ba. Sai can wajen ƙarshe ya zo kan maganar. Bai ce yana sona kai tsaye ba. Cewa ya yi akwai abin da yake ji game da ni wanda ya wuce na abokin aiki, kuma yana so ya sani ko ni ma na taɓa jin wani abu mai kama da haka, ko kuwa kirkina ne kawai ya ruɗe shi. Ya tambaya ko an yi mini miji a gida, ko akwai wanda ya riga shi, domin ba ya son ya shiga neman wani. Ya ce ya san yadda yake tafiya, ba sai an gaya masa ba, kuma ba zai ga laifina ba idan abin ya tsaya mini a rai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya buɗe mini hanyar fita don kada in ji nauyi. Ya ce idan babu, ba sai na furta komai ba, in mayar da takardar cikin littafin in sake ba shi aro, shi ke nan ya fahimta, kuma ya yi alkawarin gaisuwarmu ba za ta canja ba. Idan ina bukatar lokaci in riƙe ta a wurina, muddin ba ta dawo ba zai san ina tunani. Idan kuwa akwai, in gaya masa wanda ya kamata manyansa su je wurinsa a danginmu, domin ba ya son ya tsaya da ni zance ba da sanin gida ba. Ya rufe da cewa bai gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarsa, kuma yana roƙona don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Wannan roƙo ɗaya ne kawai ya yi mini a duk takardar.

Wallahi murna na yi. Na karanta ta har na kusa haddacewa, kuma kafin magariba na rubuta amsa. Gajeriya ce. Na ce ba a yi mini miji ba, ba wanda ya riga shi, kuma ƙanen Baba ne ke bayar da auren 'ya'yan gidanmu, wurinsa ake zuwa. Da na miƙa masa ita washegari, da ba ku ga wannan rubutun nawa ba. Amma sai na je wurin wata 'yar baffana da ta yi aure, na tambaye ta a kaikaice, ban faɗi ko wane ne ba, yadda ake yi idan namiji ya rubuto wa mace. Ta ce kul in kuskura in amsa da wuri, macen da ta amsa washegari ta zubar da ajinta, har ta tsufa a gidan za a riƙa tuna mata cewa da ma jira take. Ta ce in bar shi ya ɗan wahala, ko da zuwa ƙarshen aikin ne. Na ɗauki shawarar. Na haɗa takardarsa da tawa na tura can ƙasan jakar aikina, don a ɗaki ƙannena ba sa barin komai.

Kwanakin da suka biyo baya ina ganin yadda yake satar kallon hannuna kowace safiya, ko na riƙo littafin. Idan ya ga babu sai fuskarsa ta saki, ya gaishe ni kamar kullum. Bai taɓa tambayata ba, ko da ido. Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗin abin nake ji. Ina tafe kusa da shi da amsarsa a rataye a kafaɗata, ina jin kaina wata babbar mace.

Ranar ƙarshe ta zagayen aka tura mu wani ɗan ƙauye a wajen Malikanchi. Akwai wani gida da maigidan ya daɗe yana korar masu rigakafi. Gidan ba katanga, dannin kara ne aka kewaye shi da shi. Mutumin ya fito yana faɗa, ya ce ba mai ɗiga wa 'ya'yansa komai. Abokin nawa ya bar shi ya gama, sannan ya zauna a kan wani kututture, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa a gaban mutanen da suka taru. Ban taɓa ganin ƙafar a fili ba sai ranar, siririya kamar ta ƙaramin yaro. Ya ce wa maigidan, cikin ladabi, yana kiransa Baba, shi ma mahaifinsa ƙin rigakafin ya yi, kuma har ya rasu yana neman gafararsa. Mutumin ya dubi ƙafar, sannan ya ce mu shiga. Muka shiga ni da Yaya, shi kuma ya koma gindin wata bishiya a jikin dannin yana jiranmu.

Mun gama da yaran, matan gidan suka kawo mana ruwa da dafaffiyar masara, muka zauna a tabarma. Yaya ta ce bari ta ɗauki alƙalamina ta rubuta wani abu, kafin in yi motsi ta zura hannu a jakata. Takardarsa ta fito da ita. Tawa tana can ƙasa, ba ta kai gare ta ba. Na kai hannu zan karɓe ta ɗaga sama tana dariya, ta ce ashe 'yar ƙanwar tata an girma. Ta fara karantawa da ƙarfi, tana jan murya irin ta masu wasan kwaikwayo a rediyo, matan gidan suka matso. Ko layi uku ba ta yi ba ta tsaya ta ƙura wa rubutun ido. Babu suna, amma mutumin da kuke yini kuna kallon rubutunsa a bangon kowane gida ba ya ɓuya. Da ta iso wurin da ya ce ya san yadda yake tafiya, sai ta tafa hannu ta nuna waje da haɓa, matan suka kwashe da shewa.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ba wanda ya tilasta ni. Ina iya fizge takardar in ce amana ce. Ina iya yin shiru in sunkuyar da kai, su yi tsokanarsu su gaji. Amma da amaryar gidan ta dube ni ta ce to amarya, yaushe za a sha biki, na ga duk idanu sun dawo kaina, sai tsohon tsoron nan ya taso mini. Na yi dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce Allah ya kiyaye, duk samarin Ikara in rasa wanda zan aura sai gurgu. Na ce ajiye takardar na yi don in riƙa samun abin dariya. Da na ga sun ji daɗi, sai na miƙe na dafa gwiwata na yi taku biyu irin nasa. Har da mai riƙe ciki. Wannan fa a cikin gidan da ya buɗe ƙafarsa a gaban jama'a don a bar mu mu shiga, ko awa ɗaya ba a yi ba.

Da muka fito yana tsaye ya riga ya yi alamarsa a ƙyauren gidan. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tambayi Yaya yara nawa aka samu, ya yi wa maigidan godiya, muka kama hanya. Da Yaya ta yi gaba, sai ya ce da ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba, idan na gama da littafin nan yana so ya sake aronsa. Na gane abin da yake nufi. Ga amsata a cikin jaka, hannuna ma a kanta yake. Amma ta yaya zan miƙa masa takardar da ke cewa na yarda, da bakin da ya gama kiransa abin da na kira shi? Kuma idan Yaya ta ji fa, bayan duk abin da na faɗa? Kun ji, ko a wannan lokacin ma ta kaina nake yi. Washegari na sa takardarsa a tsakiyar littafin na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode.

Ya cika alkawarinsa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Mun sake yin wani zagayen tare, gaisuwarsa ba ta ragu ba, yana tambayar jikin kakata kamar da. Da ya zage ni ko ya ɗaure mini fuska, da na samu sauƙi. Abu ɗaya ne ya canja. Idan na rage sauri don mu jera, sai ya tsaya ya ce in yi gaba kada Yaya ta jira. Bayan kaka ya koma garinsu. Ni kuma na zauna ina lallashin kaina da ƙarya ɗaya, cewa wataƙila bai ji ba. Ai bishiyar da ɗan nisa, ai yara na ta hayaniya, wataƙila gajiya ya yi da jira kawai ya nemi takardarsa. Da wannan ƙaryar na rayu shekaru. Amsar tawa kuwa na jefa ta a murhu ana gobe za a sa ni a lalle.

Allah da ikonsa, aure ya kai ni ƙasar Makarfi, wani ƙauye ba nisa da Gazara. Mijina mutumin kirki ne, yana sarin rake daga Kudan, ba ni da abin da zan ce ya rage ni da shi. Gidanmu ma dannin kara ne ta gefen hanya, ba a kai ga yin katanga ba. Wata safiya a bara ina tsakar gida ina wanke-wanke, ɗiyata tana wasa kusa da ni, sai na ji sallama a waje. Tun kafin ya rufe baki na gane muryar. Mijina ya fita, suka gaisa, ya ce masu rigakafi ne, suna neman izinin mata su shigo. Ba ɗaga murya yake yi ba, da ma shi ba mai ɗaga murya ba ne. Amma na ji kowace kalma. Na ji lokacin da ya zauna a kan benci, na ji ɗan nishin da yakan yi idan zai miƙe ƙafar, har ƙarar allinsa a jikin ƙyaure na ji. Kuma daga inda nake zuwa inda yake ya fi nisan tabarmar nan da bishiyar nan.

Na zauna a wurin hannuna cikin ruwan kumfa. 'Yan matan suka shigo suka ɗiga wa ɗiyata magani, ɗaya tana tambayata ko ba ni da lafiya ne. Ban fita ba. Matar aure ce ni, ba ni da hurumin tsayawa da shi, kuma ko da ina da shi ban san da wane ido zan dube shi ba. Ban san ko ya san gidana ne ba. Na ji shi yana yi wa mijina godiya, yana sa wa yarinyar albarka, sannan na ji takunsa yana nisa, ɗaya mai nauyi ɗaya yana ja.

Ba wai ina kukan rashin aurensa ba ne, aure nufin Allah ne, kuma na ji labarin ya yi iyali, ina yi masa fatan alheri. Kunyata ita ce mutum ya ba ni amanar abin da ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba, ya tsara maganarsa yadda ko ƙi na yi ba zan ji nauyi ba, ni kuma na tozarta shi don kada wasu mata da ban ma san sunayensu ba su yi mini dariyar minti biyar. Kuma ƙarya na yi. Har yau yana yawo da abin da ya ji a ranar a matsayin gaskiyar abin da ke raina.

'Yan'uwana mata, musamman 'yan mata, idan wani ya tambaye ku cikin mutunci, ku amsa masa cikin mutunci. In kuna so ku faɗa ta hanyar da ta dace, kada wata ta ruɗe ku da zancen jan aji har lokaci ya ƙwace muku. In ba kwa so ku mayar masa da takardarsa a rufe, ko ku goge saƙonsa, kada ku kai shi dandalin ƙawaye ko ku tura wa wasu a waya. Ku kuma masu zura hannu a jakar mutane da wayoyinsu don neman abin hira, ku ji tsoron Allah. Idan kuwa wannan rubutu ya kai ga wanda ya taɓa faɗuwa a bakin rafi aka miƙo masa hularsa, ba na neman komai a wurinsa sai gafara. Ina so dai ya sani, ranar da na yi masa dariya, akwai wata takarda a ƙasan jakar nan da Yaya ba ta kai hannu gare ta ba, kuma sunan ƙanen Baba ne a ciki.